Oda Tara Cikin Kilik Ɗari Uku: Ka Ƙara Kuɗin Talla Ko Ka Dakata?

Akwai wani abokina a ɗakinmu na hostel da ke sayar da takalman fata, yana ɗauko su daga wurin masu ɗinki yana tallata su ta waya. A zangon karatun da ya wuce ya sa ₦30,000 a talla a Instagram. Mutane suka danna tallar sau 300, wato kowane kilik ya tsaya masa a ₦100. A cikinsu mutum tara suka sayi takalmi suka biya. Ribarsa a kan kowane takalmi, kafin a cire kuɗin talla, ₦4,000 ce. Kenan ya samu ₦36,000, ya cire ₦30,000, ya tashi da ₦6,000.

Da daddare ya zo mini da lissafinsa yana murna. Ya ce: "Malam, duba nan. Tara cikin ɗari uku, kashi uku cikin ɗari kenan. Idan na zuba dubu ɗari uku zan samu kilik dubu uku, oda casa'in, ribar dubu sittin." Dubu ɗari ukun nan kuwa har da kuɗin rajistarsa a ciki.

Lissafinsa daidai ne, in har kashi ukun nan shi ne gaskiyar tallar. Matsalar ita ce kilik 300 ba su isa su nuna masa haka ba. Darasinmu na yau shi ne yadda za ka auna girman wannan shakkar da lambobi, ta hanyar abin da ake kira tazarar amincewa, wadda muka fi ji a ajin ƙididdiga da sunan konfidens intabal.

Me ya sa kashi uku ba lallai kashi uku ba ne

Kason masu saye shi ne adadin waɗanda suka saya, a raba da adadin waɗanda suka danna. A allon talla za ka gan shi da sunan `Conversion rate`. Wanda ka gani a allo abin da ya riga ya faru ne. Wanda kake bukata don yanke shawara shi ne na ainihi, wato kason da za ka samu in da mutane dubbai irin waɗannan za su danna. Shi wannan ba a ganinsa, sai dai a kintata.

Ka ɗauka an cika buhu da wake, kashi uku cikin ɗari ja, sauran fari, an gauraya sosai. Ka rufe ido ka ɗebo ƙwaya 300. Ba dole ka samu ja guda tara cif ba. A gaskiya ma damar samun tara daidai ba ta wuce kusan 13 cikin 100 ba. Wani ɗiban za ka samu shida, wani goma sha biyu, kuma mafi yawan lokuta adadin zai faɗa tsakanin 4 da 15. Buhun bai canza ba, ɗiba ce ta bambanta.

To juya maganar. Abokina ya ɗebo 300 ya ga tara, amma bai san abin da ke cikin buhun ba. Buhu mai kashi biyu yana iya ba da tara. Mai kashi biyar ma yana iya ba da tara a ranar da sa'a ba ta yi ba. Tazarar amincewa ita ce jerin dukan buhunan da za su iya ba da abin da ka gani ba tare da abin ya zama na mamaki ba.

Abin lura kuma shi ne, ƙarfin hujjarka yana wurin adadin masu saye, ba wurin yawan kilik ba. Ɗari uku lamba ce mai cika baki, amma mutum tara ne kacal ke riƙe da lissafin. In da biyu daga cikinsu sun fasa, da kason ya faɗo zuwa 2.3%.

Hanyar littafi, da inda take tuntuɓe

Fomular da aka fi koyarwa a aji ita ce ta Wald. A nan `p` shi ne kason da ka gani, `n` kuma adadin kilik:

```
p ± 1.96 × √( p × (1 − p) / n )
```

Lambar 1.96 ita ce ke tafiya da amincewar kashi 95 cikin ɗari. Mu sa lambobinmu. 0.03 sau 0.97 ya ba da 0.0291. A raba da 300, a samu 0.000097. Sikwaya rut ɗinsa 0.00985 ne. A ninka da 1.96, a samu 0.0193. Tazarar kenan daga 1.1% zuwa 4.9%.

Ko wannan ma ya isa ya sanyaya wa mutum gwiwa. Amma fomular tana da aibu a daidai irin halin da muke ciki, wato kaso ƙarami da masu saye kaɗan. Gwada ta da kilik 200 da oda biyu: za ta ba ka daga −0.4% zuwa 2.4%. Kason masu saye ba zai taɓa yin ƙasa da sifili ba, don haka da ka ga alamar debewa a iyakar ƙasa, ka san fomular ta ɓace hanya. In kuma ba ka samu oda ko ɗaya ba, `p` ya zama sifili, sai ta ce maka tazarar daga 0% zuwa 0% ce, kamar an tabbatar har abada ba wanda zai saya.

Dalilin shi ne tana auna girman kuskure da shi kansa `p` ɗin da ka gani. Idan ka yi rashin sa'a ka samu oda kaɗan, `p` zai yi ƙasa, kuskuren da aka lissafo daga gare shi ma zai yi ƙasa, sai tazarar ta tsuke a daidai lokacin da ya kamata ta buɗe. Shi ya sa take yawan barin gaskiya a waje ta gefen sama. Brown, Cai da DasGupta sun nuna a shekarar 2001 cewa tazarar Wald sau da yawa ba ta kai kashi 95 ɗin da take iƙirari, ko da adadin samfuri ya kai ɗaruruwa.

Hanyar Wilson, daki-daki

Wani masani ɗan Amurka, Edwin B. Wilson, ya fitar da hanya mafi dacewa tun a 1927. Shi tambayar da na yi a kan buhu ita ya yi kai tsaye: wane kaso na ainihi ne zai iya haifar da abin da na gani? Bari `x` ya zama adadin masu saye:

```
tsakiya = (x + 1.92) / (n + 3.84)
rabi    = 1.96 × √( x × (n − x) / n + 0.96 ) / (n + 3.84)
```

Kada lambobin su ba ka tsoro, duk daga 1.96 suka fito. Idan ka ninka 1.96 da kansa ka samu 3.84, rabinsa 1.92, kwatansa 0.96. Ɗauko kalkuleta mu bi tare.

Mataki na farko, tsakiya. Tara a haɗa da 1.92 ya zama 10.92. Ɗari uku a haɗa da 3.84 ya zama 303.84. Raba na farko da na biyu, ka samu 0.0359.

Mataki na biyu, rabin faɗin tazara. Tara sau 291 ya ba da 2,619, a raba da 300 a samu 8.73. Ƙara 0.96, ya zama 9.69. Sikwaya rut ɗinsa 3.113. Ninka da 1.96 ka samu 6.10, raba da 303.84 ka samu 0.0201.

Mataki na uku, cire ka kuma haɗa. 0.0359 a cire 0.0201 ya ba da 0.0158, in an haɗa kuma 0.0560. Tazarar ita ce daga 1.6% zuwa 5.6%.

Za ka iya gwada amsar don ka ga ba sihiri ba ne. In da kason ainihi 5.6% ne, a kilik 300 za a sa ran oda kusan 16.8, kuma kaiwa da komowar da aka saba gani a nan kusan huɗu ce. Huɗun nan sau 1.96 kusan 7.8 ne, ka cire daga 16.8 ka sauka a kan tara. Wato 5.6% shi ne buhu mafi yawan ja da har yanzu zai iya ba da tara. Haka 1.6% shi ne mafi ƙarancin ja da zai iya kaiwa tara.

Ka lura tazarar ba ta zauna daidai-wa-daida a gefe biyu na 3% ba. Ta sauka da 1.4, ta hau da 2.6. Haka ya kamata, domin ƙasa akwai bango, sifili, sama kuwa fili ne. Misalin oda biyu cikin 200 da Wald ta ɓata, Wilson ta ba shi 0.3% zuwa 3.6%.

A Excel ko Google Sheets, sa masu saye a `A2`, kilik a `B2`. Layin farko iyakar ƙasa, na biyu ta sama:

```
=(A2+1.92-1.96*SQRT(A2*(B2-A2)/B2+0.96))/(B2+3.84)
=(A2+1.92+1.96*SQRT(A2*(B2-A2)/B2+0.96))/(B2+3.84)
```

Masu amfani da R kuwa layi ɗaya ya wadatar:

```
prop.test(9, 300, correct = FALSE)
```

In fomular ta kuɓuce maka, akwai dabarar da Agresti da Coull suka bayar a 1998: ƙara masu saye biyu da waɗanda ba su saya ba biyu, sannan ka yi amfani da fomular aji. Tara cikin 300 ya koma 11 cikin 304, amsar ta fito 1.5% zuwa 5.7%. Kusan ɗaya da ta Wilson.

Wata kalma a kan "kashi 95". Ma'anarta tana kan hanyar ne: in ka riƙa lissafa irin wannan tazarar a kamfen bayan kamfen, kusan 95 cikin kowace 100 za su ƙunshi kason ainihi, biyar kuma za su kuskure shi, kuma ba za ka san waɗanne ba ne. Ba ta nufin kamfen ɗinka na gaba dole ya faɗa cikin tazarar, don shi ma zai zo da tasa sa'ar.

Mayar da kaso zuwa naira

Tazara ba ta da amfani sai ka ɗora ta a kan layin da ke raba riba da faɗuwa. Layin shi ne kuɗin kilik ɗaya a raba da ribar oda ɗaya. Ga abokina, ₦100 a raba da ₦4,000, wato 2.5%. Ƙasa da haka tallar tana cin jari, sama da haka tana kawowa.

Yanzu dubi ₦300,000 ɗin da yake shirin zubawa, kilik 3,000:

- In kason ainihi 1.6% ne: oda 48, ₦192,000, faɗuwar ₦108,000.
- In 3% ne: oda 90, ₦360,000, ribar ₦60,000.
- In 5.6% ne: oda 168, ₦672,000, ribar ₦372,000.

Duka ukun sun dace da oda tara cikin 300. Layin 2.5% yana cikin tazarar, don haka abin da kamfen ɗin ya faɗa shi ne "ban sani ba tukuna". Bai ce tallar ba ta aiki ba, bai kuma ce tana yi ba. Mai kuɗin da zai iya jure faɗuwar dubu ɗari yana iya shiga da idonsa buɗe. Mai kuɗin rajista kuwa, ba da tsinken da za a yi sakace ake gwada zurfin rijiya ba.

Dokar mai sauƙi ce. Iyakar ƙasa ta haura layin: akwai hujjar ƙara kuɗi. Iyakar sama ta kasa kai layin: tsaya ka gyara tallar ko farashin. Layin yana tsakiya: ci gaba da kuɗi kaɗan-kaɗan, gwargwadon abin da za ka iya rasawa.

Kilik nawa ne za su wadatar?

A nan ne mutane ke mamaki. Don ka rage faɗin tazara da rabi, ba ninki biyu na kilik kake bukata ba, ninki huɗu ne, saboda `n` yana ƙarƙashin sikwaya rut. In abokina ya kai kilik 1,200 da oda 36, kason yana nan a 3%, tazarar ta koma 2.2% zuwa 4.1%. Ta tsuke, amma har yanzu 2.5% yana ciki. Kafin iyakar ƙasa ta taɓa layin sai ya kai wajen kilik 3,750, wato ₦375,000 na talla.

Darasin a nan ba "ƙara kashe kuɗi" ba ne. Idan kasonka yana dab da layi, tabbatar da shi ya fi ribar tsada. Ya fi araha ka matsar da layin. In ya ƙara ₦1,000 a ribar kowane takalmi ba tare da masu saye sun ragu ba, layin zai sauka zuwa 2%. In ya samu kilik a ₦60 maimakon ₦100, layin zai koma 1.5%, ƙasa da iyakar tazararsa ta yanzu.

Idan ba wanda ya saya fa?

Akwai doka ta musamman mai sauƙin haddacewa, dokar uku. In ka samu sifili cikin kilik `n`, iyakar sama a amincewar kashi 95 kusan `3/n` ce. Kilik 100 ba oda: kason yana iya kaiwa 3%. Talla mai kashi 2.5 na ainihi tana iya yin kilik 100 ba ciniki kusan sau 8 cikin 100, don haka bai kai a yanke mata hukunci ba. Kilik 150 ba oda: iyakar sama 2% ce, ƙasa da layin abokina. A nan kam kashe tallar ya halatta.

Hotuna biyu, wanne ya fi?

Mu ƙaddara ya gwada hoto na biyu a lokaci guda, shi ma kilik 300, ya samu oda 15, wato 5%. Ido zai ce na biyun ya yi nasara da nisa. Tazarar Wilson ta hoto na biyu ita ce 3.1% zuwa 8.1%, ta farkon kuma 1.6% zuwa 5.6%.

Kada ka tsaya a duba ko tazarorin sun shiga juna, domin wani lokaci suna ɗan shiga juna alhali bambancin na gaske ne. Lissafa tazarar bambancin kanta. Abin da ke ƙarƙashin sikwaya rut na hoton farko mun riga mun samu, 0.000097. Na biyu shi ne 0.05 sau 0.95 a raba da 300, wato 0.000158. Haɗa su ka samu 0.000255, sikwaya rut 0.016, sau 1.96 ya ba da 0.031. Bambancin maki biyu ne, a cire ko a haɗa 3.1: daga −1.1 zuwa +5.1. Wannan kintace ne irin na Wald, amma ya isa ya nuna sifili yana ciki. Ba a tabbatar na biyun ya fi ba. Don a samu kyakkyawar damar gano bambanci tsakanin 3% da 5%, ana bukatar wajen kilik 1,500 ga kowane hoto.

Sai dai ga wani abin sha'awa. Iyakar ƙasa ta hoto na biyu, 3.1%, ta haura layin 2.5%. Tambaya biyu ce daban: "shin ya fi ɗan'uwansa?" ba a amsa ba, amma "shin yana biyan kuɗinsa?" an amsa da e. In kuɗinka na talla ɗaya ne, sa shi a kan na biyun. Abin da bai kamata ba shi ne ka rubuta a rahoton furojet ɗinka cewa ka gano irin hoton da ya fi sayarwa.

Abin da fomula ba ta gani

Tazarar tana auna sa'ar ɗiba ne kawai, kuma ta ɗauka kowane kilik mutum ne daban mai zaman kansa. In mutum ɗaya ya danna sau biyar yana nazari, ko oda huɗu daga cikin taran 'yan ajinku ne da suka ji labari a bakin juna, to hujjarka ta fi yadda lambobi suka nuna ƙanƙanta. Duba sunayen masu saye da idonka, ai tara ne kawai. In allon yana nuna `Unique link clicks`, shi ya fi dacewa da `n` fiye da jimillar dannawa.

Ka kuma tsayar da ma'anar "saye" tun kafin ka fara. Wanda ya turo "nawa ne?" a WhatsApp bai saya ba sai alat ya shigo. Ka ba masu jinkiri 'yan kwanaki bayan tallar ta ƙare kafin ka ƙirga, don wani sai ƙarshen wata yake biya.

Sannan buhun kansa yana canzawa. Kason makon jajibirin Sallah ba zai gaya maka na tsakiyar zango ba. Kuma in ka ninka kuɗin talla sau goma, za a nuna ta ga mutanen da ba su kai na farko sha'awa ba, ko farashin kilik ya tashi.

Na ƙarshe shi ne leƙe. In kana duba tazarar kowace safiya, ka tsaya a ranar da ta yi maka daɗi, kashi 95 ɗin nan ya daina zama gaskiya, domin ka ba sa'a ƙofofi da yawa. Rubuta adadin kilik ɗin da za ka tsaya a kai tun farko, ka kai can, sannan ka lissafa.

Abokina dai ya biya rajistarsa, ya ci gaba da tallar da ₦30,000 a kowane zagaye, yana tara lambobin a shafi guda.

Gwada da kanka

Wata ɗaliba mai sayar da turaren wuta ta samu oda 6 cikin kilik 250. Kilik ya tsaya mata a ₦80, ribar oda ɗaya ₦2,000. Nemo layinta, nemo tazarar Wilson, ka ba ta shawara.

Amsa: layin 4% ne, kason da ta gani 2.4%, tazarar kuma 1.1% zuwa 5.1%. A wannan zagayen ta kashe ₦20,000 ta samu ₦12,000. Layin yana cikin tazarar, don haka ba a tabbatar tallar ta mutu ba, amma mafi yawan tazarar yana ƙasa da shi. Kada ta ƙara kuɗi. Ta fara gyara farashi ko ta nemi kilik mai araha kafin zagaye na gaba.